Hoton da Bashiru ya ɗauka: gajeren labari da gardamar da ta biyo bayansa

Ɗiyar Kabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga labarin da na yi alkawari, ku duba mini shi ba sani ba sabo. Makarantar ƙagagga ce, yaran ma haka.

Ranar Talata da aka tashi, Malam ya miƙa wa Bashiru rajista da littattafan aji ya ce ya kai masa gida, shi zai biya ta kasuwa. Bashiru ne monita, ya saba. Sai da ya zo daidai inuwar dogonyaron bakin masallaci iska ta ɗaga bangon rajistar, ya ga farar takarda mai shafi biyu. A samanta an buga: lissafi, jarrabawar gwaji, aji shida. Ta gobe ce.

Bai tsaya shawara da zuciyarsa ba. Ya zaro wayar yayansa daga aljihu, ya ɗauki shafin farko, ya ɗauki na biyu, ya mayar da takardar yadda ya same ta. Matar Malam har ruwan randa ta ba shi ya sha.

Da dare ne ya gane abin da ya sato. Tambayoyi ne zalla, babu amsa ko ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi, ya jawo fitilar caji da tsohon littafinsa na aji huɗu. Ta ɗaya ta ba shi wuya, ya koma littafi ya karanta babin, ya dawo ta fita. Ta biyu ma haka. Wajen ƙarfe tara abokinsa Nasiru ya leƙo, ya ga hoton, ya dafe ƙirji. "Turo man shi don Allah, ni ɗai." Bashiru ya tura masa.

Sai tambaya ta huɗu. A aji mai ɗalibai 40, 15 suna yin labarin ƙasa, 18 suna yin aikin gona, 5 ba sa yin ko ɗaya. Nawa ne suke yin duka biyun? Ya zana da'ira biyu masu shiga juna, ya sa x a tsakiya. Ya haɗa, ya cire, ya samu −2. Ya goge. Ya sake daga farko, −2. Ta yaya za a ce mutum biyu ƙasa da babu suna zaune a aji? Ya ce a ransa, dama na san kaina ba ya ja.

"Kai Bashiru, mi kaka yi har yanzu ba ka yi kwana ba?"

"Karatu nika yi, Inna."

Ya buɗe babin ya yi duk misalan da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, duk suka fita. Ya koma ta huɗu, −2. Can wajen ƙarfe biyu, injinan ban ruwa na fadama kaɗai ake ji, ya ajiye biro ya ɗebo tsakuwa. Ya ware goma sha biyar, ya ware goma sha takwas, ya ware biyar. Ya ƙirga su gaba ɗaya: talatin da takwas. Ko da babu wanda ya haɗa darussan biyu, ajin ba zai kai arba'in ba. Ya daɗe yana kallon tsakuwar. Tunda yake makaranta bai taɓa kawo wa ransa cewa takarda tana iya yin kuskure shi ya yi daidai ba.

Wayar ta yi ƙara. Wata lamba ce da bai sani ba ta turo masa hotonsa, nasa na kansa, har da gefen babban yatsansa a ƙasa. A samansa an rubuta Forwarded many times. A ƙarƙashi wani ya jera amsoshi, ta huɗu ya sa 2.

Da safe aka raba takardu. Idonsa ya sauka kan ta huɗu. An bi ta kan 15 da biro kafin a yi fotokwafi, ta koma 25. Ya zana da'irorinsa, cikin minti uku ya samu 8. Ya waiga ya ga Nasiru yana rubutu da sauri, ko takardar tambayar ba ya kallo.

Ranar Litinin Malam ya shigo da takardu goma sha ɗaya a hannu guda. Ya kira sunaye, suka fito suka durƙusa. Dukansu 2 suka rubuta. Aka tambaye su wa ya kawo, suka yi shiru. Nasiru bai ɗago kai ba. Sannan Malam ya ɗauko takarda ta sama a ɗaya tarin. "Bashiru, saba'in da huɗu. Ku tafa masa." Aka tafa. Ya tashi ya karɓa. Malam bai saki takardar nan take ba.

Iyakarsa ke nan. Ina sauraronku.

Ɗan Gusau: Wa alaikumus salam. Malama, alƙalami ya yi kyau, amma ƙarshen bai yi mini ba ko kaɗan. Wanda ya yi satar an tafa masa, waɗanda suka ci a hannunsa suna durƙushe. Yaro ya karanta wannan me zai ɗauka? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, to ina ranar mai kayan? Kuma a sani magudin jarrabawa ba wasa ba ne a dokar ƙasar nan, ɗaurin shekara 21 ne.

Na Yauri: Ni ba wa'azin ya dame ni ba. Abu biyu ne. Na farko, kin ce jarrabawar aji shida ce, sai kuma tambayar da ta hana shi barci ta zama ta da'ira biyu, wadda ɗan aji huɗu ke yi. Na biyu, don mutum goma sha ɗaya sun rubuta 2 ba hujja ba ce. Ba za a ce sun kwafa daga juna a cikin ɗakin ba? Ko kuma kuskure ɗaya suka faɗa? Malamin ya cika saurin yanke hukunci.

Maman Biyu: Don Allah ku taimaka, ɗana yana aji shida kuma kwanan nan ba ya rabuwa da waya da dare. Yaya zan gane ko irin wannan yake yi? Wace makaranta ce abin ya faru?

Ɗiyar Kabi: Hajiya, labari ne na ƙirƙira, ba a yi ba.

Tsohon Malamin Lissafi: Na karanta sau biyu kafin in ce komai. Ɗiyata, bari in fara da Na Yauri, domin rabin maganarsa gaskiya ce.

Lamba 2 ita kaɗai ba za ta sa in kira yaro in durƙusar da shi ba. Abin da ke tona asiri yana cikin da'irar. Ku bi ni a hankali. Da adadin da aka gyara, lissafin shi ne 25 + 18 − x + 5 = 40, sai x ya zama 8. Masu labarin ƙasa kaɗai 17, masu aikin gona kaɗai 10, na tsakiya 8, na waje 5, jimla 40 cif. To a ce yaro ya yi wata kwaɓa tasa ya samu 2 daga wannan takardar. Abin da zai rubuta a ɓangaren labarin ƙasa shi ne 25 a cire 2, wato 23. Amma wanda ya haddace amsar daren jiya 13 zai rubuta, domin 15 aka cire wa 2. Babu hanyar da 13 za ta fito daga takardar da ke gabansa. Lambar da ta haife ta ba ta shiga ɗakin jarrabawar ba, tana kan takarda ɗaya tak a duniya, wadda ta kwana cikin rajista. Ranar da malami ya ga 13 a takarda goma sha ɗaya, ya san ba a ɗakin aka yi satar ba, kuma ya san daga hannun wa rajistar ta bi.

Saboda haka ki ƙara wa tambayar sashe na biyu: nawa ne suke yin darasi ɗaya kaɗai? Amsar gaskiya 27. Masu hoto za su rubuta 29, wato 13 da 16. Ki bar Malam ya ce musu, "Ku nuna mini inda 15 take a takardar nan." Layi ɗaya ne, amma mai karatu zai ji cikinsa ya ɗuri ruwa tare da su.

Na Yauri: To Baba, wannan na yarda. Saura maganar sauƙin tambayar.

Tsohon Malamin Lissafi: A nan ban bi ka ba. Gaskiya ne babin na aji huɗu ne, kuma a WAEC sau da yawa da'ira uku ake kawowa, ba biyu ba. Amma sauƙin nata shi ne ya sa ta yi masa ciwo. Da tambayar kusurwa da nisa ce ta gagare shi, sai ya ce dama mai wuya ce, ya tsallake ya kwanta. Wadda ya san ya kamata ya iya ita ce za ta riƙe shi har ƙarfe biyu.

Kuma abin da wani ya yi na cire alamar ragi ya mayar da −2 ta zama 2, na sha ganinsa a wajen maki. Yaranmu an rene su a kan cewa abin da aka buga da inji ba ya kuskure. In amsa ta fito a karkace, sai su lanƙwasa amsar, ba sa komawa su tuhumi tambayar. Da sun gwada mayar da 2 ɗin cikin zanen, 13 da 16 da 2 da 5 za su ba su 36, ba 40 ba, nan take su san akwai matsala. Ba sa yi. Wurin tsakuwar nan shi ne zuciyar labarin a wurina, domin a nan ne yaron ya bar bin ƙa'idar da ya haddace ya tambayi kansa me lambobin ke nufi. Kada ki taɓa shi.

Mai Gyaran Waya: Ni ta ɓangarena zan yi magana. Wannan rubutu na Forwarded many times ba ya fitowa don an tura wa mutane da yawa a lokaci ɗaya. Sai saƙon ya bi hannu biyar ko fiye, wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura gaba. Daga ƙarfe tara zuwa biyun dare a zaurukan WhatsApp na 'yan ajin ƙarshe, zai iya kaiwa, ban musa ba. Sai dai hoton da aka ɗauka a tsaye a bakin hanya, hannu na rawa, iska na kaɗa takarda, sannan WhatsApp ya matse shi, ba lallai ƙananan lambobi su fito tas ba. Me zai hana ki bar 25 ɗin daidai take tun asali, hoton ne ya dushe ya karanta ta 15? Ba sai kin ɗora wa malami kuskure ba.

Ɗiyar Kabi: Na yi tunanin wannan, Yaya, na ajiye shi da gangan. In hoton ne ya dushe, to Bashiru ne ya yi kuskuren karatu, takarda tana nan da gaskiyarta. Abin da nake so ya gano shi ne babba ma yana kuskure, kuma shi da kansa yana da abin da zai auna ya gane. In na cire wannan, saura labarin ɓarawon da ya yi sa'a kawai.

Tsohon Malamin Lissafi: Kuma ba baƙon abu ba ne. Malami da hannu yake rubuta tambayoyinsa, a kai wa mai bugawa a kwamfuta, wanda galibi ba ruwansa da lissafi. In wuyan 2 ɗin Malam bai lanƙwasa sosai ba, 1 za a buga. Shi ya sa ake dawo wa malami da kwafi ɗaya ya duba kafin a yi fotokwafi. Wannan kwafin dubawar ne ya faɗa hannun yaron. Gyara da biro da sassafe kuwa, duk wanda ya koyar ya san shi. Abin da zan ce ki gyara shi ne dalilin da takardar ta shiga rajista. Malamin da ya san aikinsa a aljihun rigarsa yake sa ta. Ki ba shi uzuri, ko kira ya same shi na gaggawa, ko wani abu.

Ɗan Gusau: Ko kuma tarko ya ɗana masa da gangan! Ya sa 15 don ya kama masu sata.

Na Yauri: Kai, a'a. In tarko ne labarin ya mutu, ya koma na malami mai wayo. Kuma wane malami ne zai jefa yaron da ya amince wa cikin jarraba don ya ga ko zai faɗi?

Ɗan Gusau: Akwai su mana. Amma ba a amsa mini maganar hukunci ba.

Tsohon Malamin Lissafi: Shekara 21 da ka ambata dokar soja ce ta 1984. Wadda ta zo a 1999 kan magudin jarrabawa ta sassauta: wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. Malami ko mai sa ido da aka kama nasa ya fi nauyi. Amma wannan jarrabawar gwaji ce ta cikin gida. Abin da aka saba a irinta shi ne a soke takardar, a kira uba, a yi bulala a gaban asambali ko a kori yaro na makonni. In da a WAEC ko NECO ne, sakamakon ake riƙewa ko a soke, wani lokaci abin ya shafi cibiyar gaba ɗaya. Ɗiyata ta yi dabara da ta tsaya a ta gwaji, domin a can malamin makaranta ba ya ganin tambayoyi kafin ranar, balle su kwana a rajistarsa.

Sannan ban yarda cewa ba a hukunta Bashiru ba. Ka sake karanta layin ƙarshe. An sa shi ya taka ya wuce abokinsa da ke durƙushe, wanda ya rufa masa asiri, ya je ya karɓi tafi. Malam ya riƙe takardar bai saki ba. Wace bulala ce ta kai wannan?

Ɗan Gusau: Baba, da girmanka, wannan hukuncin marubuta ne. A zahiri yaro zai je gida ya nuna saba'in da huɗu a yi masa addu'a.

Malama Zuru: Ni ina koyar da Hausa ne, ba lissafi ba, amma akwai abin da ya tsaya mini. Saba'in da huɗun nan ta wa ce? Ya ga tambayoyin, gaskiya. Amma babu wanda ya ba shi amsa, shi ya zauna ya buɗe littafi ya yi su. Abin da ya shiga kansa a daren nan ba zai fita ba. Ina da ɗaliba da ba ta taɓa buɗe littafi sai ta ji an ce ga abin da zai fito, ranar kuwa sai ta yi karatun da ba ta yi a zango guda ba. Har na fara ba su tambayoyi ashirin mako guda kafin gwaji in ce biyar za su fito daga ciki.

Tsohon Malamin Lissafi: Malama, abin da kike yi halal ne tunda kowa kin ba. Na Bashiru ilimin nasa ne, makin ba nasa ba ne. Jarrabawa ɗiban samfur ce. A babbar takardar lissafi ta WAEC tambaya 13 ake bayarwa, biyar na farko dole, sannan ka zaɓi biyar cikin takwas da suka rage, a cikin awa biyu da rabi. Ana ɗauka cewa in ka iya waɗannan goman da ba ka san za su zo ba, to ka iya sauran manhajar gwargwadon haka. Wanda ya san goman tun dare ya karya wannan zaton. Saba'in da huɗunsa tana cewa ya san kusan kashi uku cikin huɗu na lissafin sakandare, alhali babi goma ya sani. Kuma amfanin gwaji shi ne ya nuna maka raminka tun da sauran lokaci. Shi ya rufe nasa da tabarma, watan Mayu yana zuwa.

Wani abu kuma da zai taimaki labarin. A tsarin maki akwai M na hanya, akwai A na amsa, akwai B na abin da ke tsaye da kansa kamar zane. Ba a ba ka A in ba ka ci M ɗin da ta rataya a kai ba. To masu haddar amsa ko da 8 aka tura musu, in suka rubuta ta tsirara babu aiki, ba abin da za su samu. Takardar Bashiru kuwa cike take da aiki. Wannan ne ya ɗaure hannun Malam: ya san ta inda aka bi, amma takardar yaron ba ta da tabo ko ɗaya da zai nuna wa shugaban makaranta. In kuma ya tsananta bincike, tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya kai takardar cikin rajista.

Malama Zuru: Au, ashe shi ma Malam yana da abin ɓoyewa. Wannan ban lura da shi ba. To "ku tafa masa" ɗin ma ta canza ma'ana.

Ɗiyar Kabi: Baba, 13 da 29 sun shiga, na gode. Uzurin rajista ma zan nemo. Amma maganar M da A ba zan sa ba, Bashiru bai san su ba kuma ta idonsa muke kallo. Ƙarshen ma yana nan yadda yake. Abin da nake juyawa yanzu shi ne Nasiru. Ina ganin kamar shirunsa ya zo da arha.

Na Yauri: Ya zo da arha ƙwarai. Yaron da za a kira ubansa daga fadama a tsakiyar aikin shinkafa ba zai yi shiru don zumunci kawai ba. Sai dai in shi ma yana tsoron a gano shi ya watsa hoton, ko ma kuɗi ya karɓa. Ki sa ya sayar da shi ɗari biyu biyu.

Ɗan Gusau: Ko ki sa Bashiru ya miƙe ya ce ni ne. Shi ke nan kowa ya huta.

Malama Zuru: In ya miƙe a gaban aji ban yarda da shi ba, ɗan shekara sha bakwai ne. In dai zai faɗa, sai bayan kwana biyu, a zauren Malam, shi ma a kaikaice. Misali ya ce, "Malam, da 15 ce ai ba ta fita." Ya faɗa ke nan ba tare da ya faɗa ba.

Ɗiyar Kabi: Malama, wannan layin ya tsaya mini a rai. Sai dai in na sa shi dole Malam ya ba da amsa, kuma duk amsar da ya bayar ta zama hukunci. Bari in rubuta shi duka biyun in kawo ranar Juma'a ku zaɓa.

Maman Biyu: To ni dai na karɓe wayar. Ya ce tambayoyin shekarun baya yake dubawa. Baba Malam, su ma haramun ne?

Tsohon Malamin Lissafi: A'a Hajiya, waɗannan a kasuwa ma ana sayar da su, ki mayar masa. Ki dai ce ya riƙa yin su a takarda yana duba agogo, kada ya buɗe amsar baya sai ya gama.